Na yi odar `tote`, aka kawo mini 'yar ƙaramar jaka: yadda ake gane fasalin jaka kafin a biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da jakunkunan mata ta WhatsApp. Wata kwastomata malamar makaranta ta ce in samo mata jakar da za ta ɗauki laftof da takardu. Na ga wata a wani shagon intanet an rubuta `tote`, na yi oda, sai ga 'yar ƙaramar jaka mai zariya a baki, ko littafin rajista ba ya shiga. Ga hoton tallar na turo. Ta yaya zan riƙa bambance `tote`, `clutch`, `satchel` da `bucket`, kuma me zan rubuta a wurin bincike? — Daga wata 'yar kasuwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na duba hoton, ga abin da ke rubuce a kan tallar da kuma can ƙasa wajen bayani:

```
Women Tote Bag Bucket Crossbody Shoulder Handbag
Size: 22 x 11 x 19 cm
Closure: String
```

Layin farko ba don ke aka rubuta shi ba, don injin binciken shagon aka rubuta shi. Mai kaya yana jera duk sunan da yake zaton wata za ta nema, domin jakarsa ta fito ko da wanne aka buga. Gaskiyar jakar tana layi na biyu da na uku. Faɗinta santimita 22 ne, tsayinta 19, kuma da igiya ake tsuke bakinta. Takardar A4 kaɗai santimita 21 ce a faɗi, 29.7 a tsawo. Ke nan tun kafin ta baro hannun mai ita, lissafi ya riga ya nuna ba za ta ɗauki rajista ba, balle laftof.

Idan kina kallon hoton jaka, ki manta da sunan da aka ba ta tukuna. Ki duba gindinta, ki duba bakinta, ki duba mariƙinta, sannan ki tambayi kanki: in an ajiye ta babu komai a ciki, za ta tsaya da kanta ko za ta langaɓe? Waɗannan abubuwa huɗu su ne suke raba sunayen.

`Tote` ita ce 'yar'uwar jakar cefane. Babba ce, kusurwa huɗu, bakinta a buɗe yake daga wannan gefe zuwa wancan, kuma tana da mariƙi biyu a jere, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Asalinta ba jakar ado ba ce. Wadda ta fi shahara a tarihin irinta, ta kamfanin L.L.Bean na Amurka, a 1944 aka fito da ita, da yadi mai kauri, don ɗaukar ƙanƙara. Shi ya sa har yau alamarta ita ce a zuba kaya ta sama ba tare da an buɗe wani marfi ba. Yanzu ana sa wa wasu zif ko maɓallin maganaɗisu, hakan bai fitar da su daga sunan ba, muddin mariƙan nan biyu da faffaɗan bakin suna nan. Abin lura ɗaya: da yawansu bakin ya fi gindin faɗi, kamar kwando. Idan mai kaya ya ba da awon baki kawai, za ki ga 40 a rubuce alhali ƙasan 30 ne, laftof ya shiga rabi ya cije.

`Bucket` kuwa ma'anar kalmar bokiti ce, kuma duk wanda ya taɓa jan ruwa da guga ya san fasalin. Gindinta zagaye ne ko mai siffar ƙwai, jikinta ya miƙe sama, bakinta ana tsuke shi da zariya har ya yi tattara. Wannan ce ta zo miki. Tsohuwar da ake misali da ita ita ce Noé ta Louis Vuitton, wadda aka yi a 1932 don ɗaukar kwalabe biyar. Kin ga abin da aka gina ta dominsa: kaya masu tsayi da zagaye. Tana cin turare, kwalbar ruwa, caja, mayafi a naɗe, amma duk abu mai faɗi kamar fayil sai ya lanƙwashe ko ya hana bakin rufuwa. A hoto, in kin ga tattara a baki da igiyoyi biyu suna reto a gaba, magana ta ƙare, ko me aka rubuta a sama.

`Satchel` ce ta fi rikita mutane, kuma da dalili, don sunan yana da ma'ana biyu a kasuwa. A Birtaniya, jakar ɗan makaranta ce ta fata: mai kusurwa huɗu, marfi ya rufo daga baya zuwa gaba, a ɗaure shi da bel ɗaya ko biyu, da doguwar igiyar ratayawa. Mu ma muna da irinta tun da daɗewa. Gafakar da dukawa ke ɗinka wa malamai da almajirai don Alƙur'ani ginin ke nan: jiki mai tauri, marfi, maratayi, domin takarda ta zauna ba ta lanƙwashe ba. A shagunan Amurka kuma, da masu kwaikwayon rubutunsu, `satchel` tana nufin jakar mata matsakaiciya mai shimfiɗaɗɗen gindi da gajeren mariƙi a sama, sau da yawa da zif maimakon marfi. Abin da ya haɗa su biyun shi ne tauri. In kin ajiye ta a tebur tana tsaye kamar akwati, wasu har da 'yan ƙusoshin ƙarfe huɗu a ƙasa don kada fatar ta taɓa ƙasa. Don haka in kwastoma ta ce tana son wannan sunan, ki tura mata hoto biyu, mai marfi da mai zif, ta nuna wadda take nufi.

`Clutch` ba ta da wahala: ƙarama ce, ba mariƙi, a tafin hannu ko a hammata ake riƙe ta, irin ta zuwa biki. Wasu suna zuwa da siririyar sarƙa da ake cirewa. In kuma akwai ɗan madauki na saƙalawa a wuyan hannu, `wristlet` ake ce mata.

Saura kalmomi biyu da suka shiga tallar nan suka ƙara dagula ta, wato `crossbody` da `shoulder`. Waɗannan ba fasali suke faɗa ba, yadda ake ɗauka suke faɗa. Ta farko ana rataya ta a karkace, igiyar ta ratsa ƙirji; ta biyu a kafaɗa ɗaya. Saboda haka jaka ɗaya tana iya zama `bucket` kuma `crossbody`, babu ƙarya a ciki. Amma ba ta zama `bucket` kuma `tote` a lokaci guda, sai dai in mai talla ne ya haɗa su.

Yanzu mu koma kan malamar nan, don a gyara cinikin. Ki tambaye ta laftof ɗinta inci nawa ce. A ce 14. Wannan lambar awon fuskar ce daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗin na'urar ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma laftof mai inci 14 jikinta yakan kai wajen santimita 32 zuwa 33 a faɗi, 22 zuwa 23 a ɗaya ɓangaren. Mafi sauƙi ta sa tef ɗin tela ta auna ta turo miki. Ki ƙara santimita 3 ko 4 saboda ɗinki da zif suna cin wuri, awon da ake rubutawa kuma yawanci na waje ne. Ke nan kina neman jakar da gindinta bai gaza 36 ba, tsayinta kusan 28 zuwa 30, kaurinta 12 ko fiye don caja da takardun jarrabawa su samu wuri. Abin da za ki buga:

```
large tote bag laptop 14 inch zipper
```

A Google kina iya korar waɗanda ba ki so da alamar ragewa, a manne da kalmar ba tazara:

```
tote bag laptop 14 inch -mini -bucket
```

Wannan dabarar ta Google ce, kada ki dogara da ita a cikin manhajar shago. A can ki nemi `Filter`, sannan in kin buɗe jakar ki gangara zuwa `Specifications` ki karanta `Shape`, `Closure` da `Size`. Ki kula da harafin da ke bayan lamba: `cm` santimita ne, `in` ko alamar `"` inci ne. Jaka mai `14"` ta kusa santimita 36, mai `14 cm` kuwa ko waya ba ta ɗauka a kwance. Akwai kuma `handle drop`, wato tazarar da ke tsakanin ƙololuwar mariƙi da bakin jaka. In bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, a hannu za a riƙe ta. Mace mai sa hijabi ko mayafi mai kauri da take son ta rataya a kafaɗa, ki nemar mata santimita 25 ko kusa da haka.

Ni a ganina, mafi amfanin abin da ke shafin talla shi ne hotunan da masu saye suka ɗora a wajen sharhi. Hoton kamfani ana ɗaukarsa a farin fili, babu abin gwadawa kusa, ƙaramar jaka da babba duk su cika fuskar waya daidai wa daida.

Ke ma kada ki yi wa kwastomominki abin da aka yi miki. A kundin kaya na WhatsApp Business, wato `Catalog`, ki sa suna ɗaya tak, sauran ki faɗa da Hausa. Misali, wannan da ta zo miki ba asara ba ce, ki rubuta: "`Bucket`, baƙa, gindi mai siffar ƙwai, baki mai zariya, faɗi 22, tsayi 19, doguwar igiya mai cirewa. Tana ɗaukar waya, turare da fos, ba ta ɗaukar fayil." Ki ɗauke ta hoto ta gaba, ta gefe, ta ƙasa, da bakinta a buɗe, sannan ɗaya da kwalbar ruwa a tsaye kusa da ita.

Tambaya: Malam, ina neman `clutch` ta ranar kamu, amma ina tsoron wayata ba za ta shiga ba. — Daga wata amarya a Maraɗi

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya. Ki auna wayar tana cikin rigarta. Manyan wayoyin yanzu sukan kai santimita 16 zuwa 17 a tsawo. Sai ki duba wace iri kike so. Mai laushi kamar ambulan, `envelope clutch`, tana ɗan ba da kai, in faɗinta ya kai 20 ya isa. Mai tauri kamar akwati, wadda ake rubuta wa `box clutch` ko `minaudiere`, ba ta ba da kai ko kaɗan, ƙarfen bakinta da zagayayyun kusurwoyinta suna cinye wuri. A irin wannan ki tambayi mai kaya awon ciki, `inner size`, ko ki ce ya sa waya a ciki ya rufe ya turo miki bidiyo kafin ki tura kuɗi.