Wasiƙar zubar da ragowar abincin biki

Tambaya: Ina aikin girkin biki, wata kwastoma ta ji haushi don mun zubar da ragowar abincin taronta bayan awa 4, wai almubazzaranci ne. Me zan rubuta mata?

Amsa: Ni dai kada ki tsaya kare kanki, lissafin lokacin kawai za ki nuna mata. Ki ce, ranki ya daɗe, mun jera abinci ƙarfe 1, wutar ƙasan kwanukan ta mutu, shinkafar ta huce ta sauka ƙasa da digiri 60, to tsakanin digiri 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wasu duk minti 20 suna ninkuwa, kafin ƙarfe 5 ƙwaya ɗaya ta iya haura 4,000.

Na san za ta ce ai sai a ɗumama, nan ne wallahi mutane suke cutuwa. Ki bayyana mata akwai ƙwayar da ke cikin shinkafa da wadda hannun mutane ke bari a jikin nama, suna sakin guba da zafin ɗumame baya kashe ta, kuma abincin ba zai yi wari ko yauƙi ba balle a gane, sai amai ya taso cikin 'yan awanni, ga yara ga tsofaffi a gida.

Ki rufe da cewa taro na gaba za ku riƙa fito da abincin kaɗan-kaɗan, sauran yana firij, shi za ta iya tafiya da shi.