Gwaggo, in sa a sitatus ko in jira?

"Gwaggo ina wuni. Baban ƙawata Zainab ya rasu ɗazu bayan azahar, maƙociyarsu ce ta gaya min. In sa hotonsa a sitatus yanzu ko in jira? Kuma in na rubuta mata ta'aziyya a ƙarƙashin fostin ya wadatar? Wai an ce in ban sa ba za ta ga kamar ban damu ba."

Ummi lafiya lau, ya mutan gidan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Wallahi da na karanta saƙonki sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, wai yau an zo zamanin da ake auna damuwar mutum da hoton da ya liƙa a waya, hoton da awa 24 yana cika zai ɓace da kansa. To ajiye wayar tukuna ki saurare ni, ba abin da zai ƙone.

Ke ba ki san yadda na ji rasuwar Malam kakanku ba ko? A 1979 ne, ina Jos a Unguwar Rogo, shekarata ɗaya da 'yan watanni da aure, ina da cikin Yayanku Sani wata bakwai. Malam ya cika a gidanmu na Koki daren Talata, da hantsin Laraba an kai shi, ni ban san komai ba ina can ina tankaɗen garin masara. Bayan la'asar sai ga sallamar Kawu ƙanin Inna, da 'yar jakarsa a hammata, ƙura har a gira. Na yi ta murna na ce yau ga mutan Kano, na kawo ruwa, ya ce in ba shi buta. Ya yi salla, ya ci tuwo loma uku ko huɗu ya ture, ya ja maigidana zaure suka daɗe suna ƙus-ƙus. Da suka shigo cewa kawai ya yi, Binta, Inna ce take nemanki, gidan ba daɗi, ki haɗa kaya da asuba za mu kama hanya. Na ce jikin Malam ne? Ya ce ke dai ki yi masa addu'a. Kin ga bai yi min ƙarya ba, kuma bai gaya min ba.

Abin da ban gane ba sai daga baya, da daddare na ɗauko rediyon maigidan zan kunna ta ƙi kamawa, ya ce batir ne ya mutu. Ashe shi ya cire batiran ya zuba a aljihu, Kawu ne ya ce masa kada a yi sanarwa ta faɗo a kunnena ina zaune ni kaɗai. A can gida ma ashe an riƙe takardar sanarwar, Baffa ya ce ba za a kai gidan rediyo ba sai ni da Yaya Hadiza da ke Gusau mun iso.

Muka taso ta Saminaka, Pambeguwa, Zariya, duk tsawon hanyar nan Kawu bai yarda mun haɗa ido ba, carbi kawai yake ja, a Kwanar Dangora ya saya min ayaba ya ce sai na ci. Muna shan kwanar lungunmu na hango tabarmi a ƙofar gida, butoci a jere, takalma kamar na masallacin Juma'a. Ba wanda ya buɗe baki. Ƙafata ce kawai ta ƙi ɗaukata, kuma kafin in kai ƙasa Inna da Gwaggo Ladi sun tare ni, ɗaya ta riƙe kafaɗa ɗaya ta tallafe cikin. Na yi shekaru ina jin haushin Kawu fa, ina cewa ya bar ni na kwana ina yi masa hira da dariya ubana yana ƙasa. Sai da na girma na gane abin da ya yi min, ya ɗauko ni ne ya kawo ni inda in na faɗi akwai hannun da zai tare ni.

Hajiya Babba kakarmu takan ce mutuwa tana da masu ita, baƙo ba ya riga su kuka. Kuma takan ce labarin rasuwa kamar garwashi ne, a kasko ake kai shi, ba a watsa shi a tsakar gida. Yanzu ke kin ji daga maƙociya. Kin san ko an gaya wa yayan Zainab ɗin nan da kika ce yana karatu a Sakkwato? Kin san ko tsohuwar marigayin tana raye, ko akwai mai hawan jini ko mai tsohon ciki a cikin 'ya'yan? Ba ki sani ba, kuma lambarki tana wayar mutane da yawa da ke kin manta da su. Bara a nan layinmu wata yarinya tana makaranta a Zariya, ta fito daga jarrabawa ta buɗe waya ta ga hoton mahaifiyarta da baƙin rubutu a sitatus ɗin wani ɗan unguwa da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su, alhali ƙanin babanta yana kan hanya zai ɗauko ta. A bakin titi ta zube. Yaron ya goge daga baya, amma me gogewa za ta yi, an riga an ɗauki hoton fuskar wayar an tura guruf uku. Riga malam masallaci kenan.

Kada ki ce gwaggo tana gaba da waya. A'a. Da a ce akwai ta a 1979 da an kira maigidana tun dare, wataƙila da na samu na ga fuskar Malam kafin a rufe, wannan har gobe yana cina. Kuma mu ba ma ajiye gawa, wanda ya cika bayan azahar sau da yawa kafin magariba an kai shi Dandolo ko Tarauni, dole labarin salla ya yi gudu don mutane su samu. Amma sanarwar jana'iza daban, ta'aziyya daban, ku ne kuka cakuɗa su. Sanarwa daga gidan take fitowa, da sunan mamaci da unguwa da ƙarfe nawa za a yi salla da inda za a yi. In ɗan gidan ya saka, ki tura ta yadda take, kada ki ƙara kada ki rage, don an sha yi wani ya canja lokaci da ka, mutane su zo an riga an dawo daga maƙabarta. In ba su saka ba, shirun nasu ma magana ce, wani suke jira ya ji.

Ita Zainab kuwa yanzu-yanzu ki tura mata saƙo ita kaɗai, layi biyu ya isa. Ki ce mata kin ji rashin da aka yi, Allah ya jiƙan Baba ya gafarta masa ya ba ku haƙuri, kina nan tafe. Shikenan. Ban da me ya same shi, ban da dama yana ciwo ne, ban da wane asibiti, duk tambayar da za ta sa ta sake ba da labarin yadda abin ya faru ki haɗiye ta, in tana so ta faɗa da kanta za ta faɗa in kun zauna. Kada ki kira yau, wayarta ta dangi ce yau, ana neman na nesa ana kwatancen gida. In kin ga alama ta yi shuɗi ba ta amsa ba kada ki sake turo kin gani kuwa, mai makoki ba ya bin kowa bashin amsa kuma ba a binsa. Kuma don Allah ki rubuta da hannunki, wannan dogon da ake ta turawa da Forwarded a samansa, mai furanni da sitika, kowa ya san ba don shi aka rubuta ba. Haka RIP ɗin nan da fuskokin kuka guda goma a jere, yo mu da muke da Allah ya kai haske kabarinsa, Allah ya sa can ta fi nan, me ya kai ki haruffa uku kamar ana cajin kuɗi a kan kowane harafi.

Hoton kuma, in ma za ki sa, sai bayan an rufe shi kuma sai kin ga 'ya'yansa sun sa, ki ɗauki irin wanda suka zaɓa. Na gadon asibiti da robar hanci, ko na makara, wannan ko su suka sa ke kada ki ɗauka. Kuma kada ki fi mai ƙora shafawa, akwai masu cika shafi guda da yadda su suka kasa barci su suka kasa cin abinci, ka karanta har ƙarshe ka rasa wa aka yi wa rashin.

Akwai rasuwar da ma ba ta shiga bainar jama'a sam. Jariri, ko ɓari, ko wanda ya tafi ta hanyar da gidan ba sa son a yi ta tonawa. Lokacin da na rasa 'yata ta uku tana kwana tara, wadda ta fi sanyaya min rai wata tsohuwa ce da ta shigo ta zauna kusa da ni ta ce Allah ya sa mai ceto ce, ta yi shiru, ta jima ta tashi. Irin wannan a waya saƙo ne na ke da ita. Haka in labari ya same ki a makare, bayan sati biyu ko uku, kada ki je ki tono tsohon fostin ki yi kwament ya sake tasowa a idon kowa, ki tura mata ki ce sai yanzu kika ji. Mu ma da in mun haɗu da mutum a kasuwar Rimi bayan wata guda, gefe muke jansa mu ce ashe abin da ya faru kenan, ya ƙarin haƙuri.

Shi kwament ɗin da kike tambaya ko ya wadatar, ga wanda ya san marigayin daga nesa ko yake wata ƙasa, to ba laifi, addu'a ce kuma Allah yana karɓa. Amma ke daga Gwammaja zuwa gidansu nawa ne a adaidaita? Yarinyar da kuke cin abinci kwano ɗaya? Zumunci a ƙafa yake Ummi. Kwana uku ake zaman, ki je gobe da safe da hijabinki mara ado, wayar tana cikin jaka a kashe mata ƙara, ki fara durƙusa wa mamanta ki ce ya haƙuri, sannan ki nemi Zainab, in kin ga wanke-wanke ya taru ki naɗe hannu. Kuma ki riƙe ranar, bayan sati uku haka in an naɗe tabarmi baƙi sun watse mamanta tana takaba gidan ya yi tsit, lokacin ne za ki riƙa leƙa ta da ɗan saƙo, ya kuka kwana, kin ci abinci kuwa.

Maganar wai za ta ga ba ki damu ba, wa ya gaya miki haka ne ma? Ni dai ban iya tuna ko mutum ɗaya da bai zo gaisuwar Malam ba, amma ayabar Kawu har yau ina jin ɗanɗanonta.

Gobe in za ki tafi ki biyo ta nan, zan sa a dama kunun gyaɗa a babban fulas ki kai musu, gidan rasuwa ba a barinsu da ɗora tukunya. Ki ce wa mamanta ina gaishe ta, ƙafar nan ce ta hana ni, in ta saki zan shigo kafin bakwai. Kuma ki duba min wayar nan, rubutun ya koma ƙanana tun da Abba ya taɓa ta.