Tsakuren Bincike a Shafin Jarida: Me Za a Sauya, Me Za a Bari?

Tambaya: Malam, ni ɗan jarida ne. Edita kan miƙo min tsakuren binciken masana ya ce in mayar da shi labari. In na bar shi yadda yake ba mai karantawa, in kuma na sassauta ina tsoron in yi wa masu binciken ƙage. Ina mafita? (Wani mai karatu daga Gusau)

Amsa: Tsari da tsawon jimla da zaɓen kalma duk naka ne, ka juya su yadda kake so. Abin da ba naka ba shi ne nauyin maganar: a kan su wa aka yi binciken, na tsawon wane lokaci, da wa aka gwama su, kuma masu binciken sun tabbatar ne ko zato suke yi.

Mu ɗauki binciken allurar rigakafin maleriya ta RTS,S, wanda mujallar Lancet ta buga sakamakonsa na ƙarshe a 2015. An yi shi a wurare 11 cikin ƙasashe bakwai na Afirka, har da Ghana da Burkina Faso, amma ban da Nijeriya da Nijar. In ka bi salon masana sawu da ƙafa, ga irin abin da za ka haifar: “An tantance ingancin rigakafin a rukunin 'yan wata 5 zuwa 17, inda ingancin ya kasance kashi 36.3 tare da allurar ƙari a matsakaicin bibiya na wata 48.” Kalmomin Hausa ne, amma ba Bahaushen da ke magana haka. Duk aikatau an mayar da su sunaye, an rasa wa ya yi wa wa me.

To, ka dawo da mutane cikin jimlar, ka raba ta biyu: “An yi wa yara 'yan wata 5 zuwa 17 allurar sau huɗu, aka yi ta bin lafiyarsu kimanin shekara huɗu. Yawan kamuwarsu da zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan kashi 36 cikin 100, in aka kwatanta da yaran da ba a yi wa ita ba.” Ka ga wata 48 ya zama shekara huɗu, 36.3 ya zama kusan 36, kuma ba abin da ya zube.

Inda ake zamewa shi ne mutum ya rubuta cewa allurar “ta kare yara 36 cikin 100”. Ya fi daɗin kunne, sai dai ba haka aka ce ba. Masu binciken ba kawunan yara suka ƙirga ba, sau nawa zazzaɓin ya kama su suka ƙirga, domin yaro ɗaya kan kwanta sau da yawa a shekara. Ma'anar ita ce, inda yaran da ba a yi wa allurar ba suka kwanta sau 100, waɗanda aka yi wa sun kwanta kamar sau 64. Saboda haka “ta rage” ce kalmarka. “Ta hana” da “ta kawar” ka bar su. Kada kuma ka yar da shekarun yaran don gajartawa, domin a jarirai 'yan mako 6 zuwa 12 ragin ya tsaya a wajen kashi 26.

Akwai wani wuri da ya fi wannan santsi. Yaran da aka tsaya musu a allura uku, ragin da aka gani a maleriya mai tsanani bai taka kara ya karya ba, har ba za a iya bambance shi da dace ba. Nan sai ka ce “binciken bai nuna ta rage mai tsananin ba”. In ka ce “binciken ya nuna ba ta ragewa”, ka yanke hukuncin da masu aikin ba su yanke ba. Haka duk inda suka sa “mai yiwuwa” ko “akwai alaƙa”, ka ɗauko shi da kai, ko da edita zai ce ya rage wa labarin armashi.

Karin magana kuwa, duk da son da nake yi mata, ina ba ka shawara ka yi hattara da ita a nan. Kowace karin magana da hukuncinta take tafe. Ka sa “Rigakafi ya fi magani” a kanun wannan labari, mai karatu zai ɗauka an gwama allurar da maganin zazzaɓi ta yi nasara, alhali ba a yi wannan gwajin ba. Wata uwar ma sai ta naɗe gidan sauro.

Kafin ka miƙa wa edita, ka karanta wa wani da bai san harkar ba, ko maigadin ofis ne, ka ce ya maimaita maka abin da ya ji. In ya ce “an samo maganin maleriya”, koma kan jimlarka. In ya ce “allura huɗu ce, tana rage wa ƙananan yara yawan zazzaɓi amma ba ta hanawa ɗungurungum”, sai ka tura.