Fassarar jawabin da za a karanta a gaban sarki

"Malam, an turo mini hoton jawabin Turanci da za a karanta a gaban sarki, an ce in mayar da shi Hausa. Yaya zan yi da kalmomin girmamawar da ke ciki?"

Yaro, kafin ka rubuta ko da harafi ɗaya, ka sa a sake turo maka hoton takardar gaba ɗayanta, daga tambarin da ke sama har zuwa sa hannun da ke ƙasa, domin a nan ne za ka gane wanda ke magana da wanda ake yi wa magana. Turanci kalma ɗaya, wato "you", yake amfani da ita ga sarki da ɗan aike, alhali kai dole ne ka zaɓa, kuma ba a ce wa sarki "kai" a bainar jama'a. Za ka rubuta "muna roƙon Mai Martaba ya sa albarka", ka ƙara "Allah ya ja zamanin sarki" ko da babu shi a Turancin. Ka kuma lura da haruffan H.E., domin a gaban sunan gwamna Mai Girma ne, amma a gaban Sarkin Musulmi Mai Alfarma ne. Sauran ƙa'idoji ba zan ɓata bakina a kansu ba, ko da yake yaran yanzu sai sun duba waya kafin su bambanta hakimi da dagaci.

Dalilin da ya sa na nace a kan cikakken hoto shi ne wani ɗan kwangila da ya taɓa kawo mini jawabin buɗe asibiti. Hoton da ya bayar ya yanke jerin manyan baƙi, kuma da na nemi sauran sai ya karanto mini sunayen da baki. Na jera su yadda ya dace, na ba kowa laƙabinsa, na bar Galadima da Waziri da sarautunsu. Inda Turancin ya umarci mahalarta su tashi tsaye, na rubuta "ana roƙon jama'a", saboda ba a ba da umarni a wurin da sarki ke zaune.

Mutumin nan ya koma gida ya tsoma hannu a aikina. Ya ɗauko sunan ubangidansa ya ɗora a kan na sarki, ya mayar da Mai Martaba ya zama Mai Girma don wai ya fi daɗin ji, ya kuma goge addu'ar da na sa domin a rage tsawo. Sakataren fada na ganin takardar ya mayar da ita, shi kuwa ya ce mai fassara ne bai san aikinsa ba. Ya hana ni rabin kuɗina, kuma fiye da shekara ba a kawo mini aiki daga garin ba. Tun daga lokacin ba na sakin fassara sai na ajiye kwafi mai kwanan wata tare da hoton da aka turo mini, kuma sai an biya ni cif.