Ƙwayoyin Heinz da Gwajin G6PD: Ranar da Aka Ɗebi Jinin

"Oga, an kawo mana jinin wani saurayi da ya fara shan firimakwin kwana 6 da suka wuce. Fitsarinsa ya koma baƙi, idonsa ya yi shawara, himogulobin ya sauko daga 14 zuwa 8. Likita na zargin ƙarancin enzayim ɗin G6PD. Na rina silaid da Leishman, ban ga ƙwayar Heinz ko ɗaya ba, gwajin G6PD kuma ya fito daidai. Ni na yi kuskure, ko ba ciwon ba ne?"

Yarona, zargin likitan nan yana nan daram, kada ka rubuta abin da zai rushe shi. Abu biyu ne suka rufe maka ido, rinin da ka zaɓa da kuma ranar da aka ɗebi jinin. Amma ba za ka gane su ba sai ka san abin da ke faruwa a cikin jar ƙwayar jini ita kanta.

Jar ƙwaya tana yawo kwana kusan 120 ɗauke da iskar oksijin, wato kullum tana rungume da abin da zai iya sa ta tsatsa. Ba ta da cibiyar da za ta ƙera sabon enzayim, ba ta da maitokondiriya. Guzurin da ta fito da shi daga ɓargo, da shi za ta ƙare rayuwarta. Abin da ke kare ta shi ne gulutatayon, wanda ke kashe guba irin su H2O2 ya mayar da su ruwa. Duk lokacin da ya yi wannan aiki ƙarfinsa yana ƙarewa, sai NADPH ya sake farfaɗo da shi. NADPH ɗin nan kuwa, hanya ɗaya tak jar ƙwaya take samun sa, kuma G6PD ne ƙofar hanyar. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin, shi ya sa ciwon yake bayyana a jini.

A ranakun lafiya ɗan abin da mai ƙarancin yake da shi yana isarsa, har ya girma bai san yana da komai ba. Sai ran da nauyi ya wuce kima: firimakwin, dafson, naitirofurantoyin, naftalin da ake sa wa tufafi, waken faba, ko zazzaɓin wata cuta, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Gulutatayon ya ƙare, babu mai farfaɗo da shi. Daga nan gubar ta faɗa wa himogulobin, ya warware daga naɗinsa, ya dunƙule kamar farin ƙwai da ya ji wuta, ya manne a jikin fatar ƙwayar ta ciki. Wannan dunƙulen shi ne ƙwayar Heinz, sunan Robert Heinz, Bajamushen da ya bayyana ta a 1890. Ƙwayoyin da suka fi jin jiki suna fashewa nan take cikin jijiya, himogobulin ɗinsu ya bi ta ƙoda, shi ne baƙin fitsarin da ka gani. Sauran sun yi tauri, ba sa iya lanƙwasa su ratsa matsatsun ƙofofin saifa. Saifa ta kama su, ko ta cinye ƙwayar ɗungurungum, ko ta gatse dunƙulen ta saki ragowar.

To, Leishman ba ya nuna ƙwayar Heinz. Giemsa ma haka. Dunƙulen yana ɗaukar launi ɗaya da himogulobin da ke kewaye da shi, sai ya saje. Dole ka rina ƙwayoyin suna da rai, kafin a busar ko a kafe su da metanol. Ka narkar da giram 0.5 na metil bayolet a mililita 100 na ruwan gishiri na awo, ka tace shi. Kada ka yi kasalar tacewa, don gudajin rini da suka zauna a kan ƙwaya sun ruɗi mutane da yawa. Ka haɗa ɗigo ɗaya na sabon jini da ɗigo huɗu na rinin, ka bar su minti 10, ka ɗiga a silaid, ka rufe, ka duba da babban gilashi na mai. Abin da kake nema ɗigo ne mai launin shunayya mai duhu, ɗaya ko 'yan kaɗan, ba su daidaita a girma ba, kuma sun jingina a gefen ƙwayar. Idan ka juya madaidaicin madubin a hankali, na gaskiya yana fitowa sarai tare da ƙwayar, gudan rini kuwa za ka gan shi a samanta, har da fili tsakanin ƙwayoyi. Ɗigo mai zagaye sumul da ke fitowa a Leishman ma, wannan Howell-Jolly ne. Ƙwayar da ta cika da ƙananan ɗigo ko'ina a jikinta kuma, himogulobin H ne, wani zance daban.

Ko da ka yi rinin daidai, a rana ta 6 kana iya rasa su. Fashewar tana farawa kwana ɗaya zuwa uku bayan fara magani, a lokacin ne dunƙulen suka fi yawa, kuma saifa ba ta ɓata lokaci wajen kwashe su. Don haka ka koma kan silaid ɗinka na Leishman, akwai shaida a ciki. Nemi ƙwayar da aka gatsi gefenta kamar an cije ta. Nemi wadda himogulobin ya tattare gefe guda, ya bar fatar fayau kamar bororon ƙuna. Za ka kuma ga manyan ƙwayoyi masu ɗan shuɗi-shuɗi, sababbin da ɓargo ya turo. Ni dai na fi dogara da waɗannan a makon farko. Kuma ganin ƙwayar Heinz ba ya nufin ƙarancin G6PD kai tsaye. Yana cewa himogulobin ya lalace ya dunƙule, shi ke nan. Ana ganin ta a wanda aka cire wa saifa, da mai himogulobin marar ƙwari na gado, da lafiyayyen da ya sha dafson da yawa.

Saura gwajin da ya fito daidai, nan ne na fi so ka natsu, don nan ake cutar da mutane. G6PD yana raguwa yayin da ƙwaya ke tsufa. A lafiyayyen mutum rabinsa yana ƙarewa a kwana kusan 60. A nau'in A- wanda ya fi yawa a mutanen Afirka, kwana kusan 13 ne. Ke nan sabuwar ƙwaya tana da isasshe, tsohuwa ce hannunta babu komai. Da maganin ya shiga, tsofaffin ne suka mutu. Jinin da ke cikin kwalbarka a rana ta 6, na waɗanda suka tsira ne da retikulosait, wato sababbin ƙwayoyin da suka fito jiya, dukkansu cike da enzayim. Ka auna masu ƙarfi, marasa ƙarfin sun riga sun tafi a fitsari. Wannan ne ma dalilin da ya sa fashewar A- takan tsaya da kanta. Nau'in Bahar Rum ba haka yake ba, enzayim ɗinsa yana lalacewa da wuri sosai, har sababbin ƙwayoyi ba su tsira ba, jini ya yi ta sauka.

Yanzu ga aikinka kan wannan saurayi. Ka yi rinin metil bayolet da sabon jini yau. Ka ƙirga retikulosait, na tabbata za ka same su sama. Ka yi gwajin Coombs, a wannan ciwo ba ya kamawa, idan ya kama a nemi wani dalilin. Ka tambaya ko an ƙara masa jini, don jinin wani ma yana ɓoye ƙarancin. A takardar sakamako kada ka tsaya a kan "daidai". Ka ƙara da cewa an ɗebi jinin ne cikin fashewa, sakamakon bai kore ƙarancin G6PD ba, a sake gwaji bayan wata 3, lokacin da tsofaffin ƙwayoyinsa suka sake taruwa. Sannan ka ɗauki takardar da hannunka ka kai wa likita, ka faɗa masa baki da baki, tun kafin lokacin shan ƙwayar firimakwin ta gaba.