Janareto ya isa a lissafi, amma injin ruwa na tashi kwamfutoci su mutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin ofis mai kwamfuta huɗu, da fitilu da fankoki, da firij ɗaya, da injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Na haɗa lissafin kayan duka ya ba ni wat 2,150, janaretona kuma an rubuta masa 3.5 kVA. Amma da zarar na kunna injin ruwan sai fitilu su dusashe, kwamfutoci su mutu. Janareton ne jabu, ko lissafina ne ba daidai ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam. A ganina janaretonka lafiyarsa ƙalau, kuma ba ka yi kuskure wajen tarawa ba, sai dai abin da ka tara ba shi ne abin da janareto yake ɗauka ba. Abubuwa biyu ne suka ɓoye maka, kuma za mu bi su da kayan ofishinka ɗaya bayan ɗaya.

Janareto na'ura biyu ne a jiki ɗaya. Akwai injin da yake ƙona mai yana juyawa, akwai kuma koyil ɗin da yake mayar da wannan juyi wutar lantarki, kuma kowanne da iyakarsa. Iyakar injin ita ake aunawa da kW, wato ainihin aikin da ake yi, kamar ɗaga ruwa ko samar da haske da zafi. Iyakar koyil kuwa ita ake aunawa da kVA, wato bolt sau amfiya a raba da 1,000, domin abin da yake ɗumama wayar koyil shi ne yawan amfiyar da ke bi ta cikinta, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Dutsen guga da hita kusan duk amfiyar da suka ja aiki take zama, saboda haka kW da kVA nasu ɗaya ne. Moton lantarki, irin wanda yake juya injin ruwa, ba haka yake ba, domin wani kaso na amfiyarsa maganaɗisu kawai yake ginawa, yana kai da komo tsakaninsa da janareto ba tare da ya ɗaga ko ɗigon ruwa ba. Adadin da yake nuna wannan bambanci shi ne wanda za ka gani a jikin farantin na'ura an rubuta PF ko cos φ, kuma dangantakarsu ita ce:

```
kW = kVA × PF
```

Idan farantin janaretonka ya nuna PF na 0.8, to 3.5 kVA ɗin nan 2.8 kW ne kawai, kuma a kan bolt 230 amfiya 15 da 'yan kai ce iyakar abin da koyil ɗinsa zai iya bayarwa a tsawon lokaci. Ka duba farantin da idonka, domin wasu ƙananan janareto ana rubuta musu PF na 1, wasu kuma babban adadin da aka rubuta a jikin tanki na ɗan lokaci ne, na aiki mai ɗorewa yana ƙasa da shi.

Yanzu mu sake lissafin. Na fahimci ka ba injin ruwa wat 1,100, domin doki ɗaya wat 746 ne. Wannan shi ne ƙarfin da yake fitarwa a bakin shaf, ba wanda yake sha daga wuta ba. Tun da ba ka aiko da abin da ke kan farantinsa ba, zan ɗauki amfiya 8, adadin da bai yi nisa da irin wannan moto ba, kai kuma ka musanya da naka. Amfiya 8 sau bolt 230 ta ba da 1.84 kVA, wanda kimanin wat 1,500 ne daga cikinsa yake zama aiki da zafi. Kwamfutoci huɗu, idan kowacce da allonta tana cin wat 150, sun kama wat 600, amma akwatin wutar kwamfuta mai araha PF ɗinsa bai cika wuce 0.65 ba, don haka koyil yana ganin 0.92 kVA. Fitilu da fankoki na wat 300 mu ba su 0.35 kVA, firij na wat 150 kuma 0.28 kVA. Jimillar ta zama wat 2,550 da kusan 3.4 kVA. Tara kVA kai tsaye haka yana ɗan zarce gaskiya kaɗan, kuma na fi son kuskuren ya karkata ta wannan ɓangare. Ka ga tun kafin a zo maganar tashi, janareton da kake zaton yana da sararin sama da kashi ɗaya cikin uku, a haƙiƙa ya cika maƙil.

Abu na biyu shi ne ya fi nauyi, kuma shi ne yake kashe maka kwamfutoci. Moto idan yana gudu, juyawarsa tana haifar da wani boltej a cikin koyil ɗinsa wanda yake tokare wutar da ke shigowa, shi ya sa yake jan amfiya daidai gwargwado. A lokacin da yake tsaye cak babu wannan tokari, saboda haka a daƙiƙar da ka danna makunni wuta tana kwarara cikinsa kusan babu shamaki, ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba ja, har sai ya ɗauki gudu, wanda a ƙaramin injin ruwa ba ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. A jikin kwamfuresa, irin na firij, ana rubuta wannan adadi da sunan LRA, kusa da RLA wanda shi ne na aiki. Idan muka ɗauki ninki biyar kawai, injinka zai nemi amfiya 40, wato 9.2 kVA shi kaɗai. Ka ɗora masa 1.55 kVA na sauran kayan da suke kunne, buƙatar ta kai kusan 10.8 kVA, ko amfiya 47, daga janareton da aka yi domin 15.

Abin lura a nan shi ne yawancin wannan amfiya ta tashi ta maganaɗisu ce, PF ɗinta ƙasa yake sosai, don haka nauyin da ya faɗo kan koyil ya ninka wanda ya faɗo kan inji nesa ba kusa ba. Koyil idan aka ja shi ninki uku boltej ɗinsa yana iya zubewa da sama da kashi ɗaya cikin uku kafin na'urar daidaita wuta, wadda ake kira AVR, ta farga ta ɗaga shi. Fitila dusashewa kawai za ta yi ta dawo. Kwamfuta kuwa ajiyar wutar da ke cikin akwatinta ba ta wuce ta kusan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba, saboda haka kafin wutar ta farfaɗo ta riga ta mutu, aikin da ba a adana ba ya tafi. Shi kansa moton yana cutuwa, domin ƙarfin murɗawarsa yana raguwa daidai da boltej sau kansa: idan wuta ta sauka zuwa kashi 70 cikin ɗari, kusan rabin ƙarfinsa ne ya rage. Sai ya daɗe yana gurnani bai ɗauki gudu ba, yana ta jan amfiyar tashi, kuma ta wannan hanya ce koyil ɗin moto da yawa suke ƙonewa.

Za ka iya gane wace iyaka ka taɓa da kunnenka da mita. Ka tsaya kusa da janareton wani ya kunna injin ruwan. Idan sautin inji bai sauya sosai ba amma mita ta nuna boltej ya faɗi, koyil ne ya gaza, matsalar ta kVA ce. Idan kuwa inji ya shaƙe, gudunsa ya ragu, hayaƙi ya yi baƙi, adadin Hz ya sauko daga 50 ya ƙi komawa, to kW ne ya ƙare. A ƙaramin janareto irin naka sau da yawa duka biyun suke haɗuwa, amma boltej ne yake fara faɗuwa.

Dangane da girman da ya kamata, ƙa'idar da nake aiki da ita ita ce kada buƙatar lokacin tashi ta wuce ninki biyu na kVA ɗin janareto, idan kuma akwai kwamfutoci a layin, na fi natsuwa da ninki ɗaya da rabi. Wannan ƙiyasi ne na aiki, kuma idan kamfanin da ya ƙera janareton ya ba da adadin kVA na tayar da moto a takardarsa, shi ne abin bi. A lissafinka 10.8 a raba da 1.5 ya ba da 7.2, wato janareto mai 7.5 kVA. Kafin ka kai ga sauyawa, gwada fara tayar da injin ruwan shi kaɗai, ya ɗauki gudu, sannan ka kunna sauran kayan, kwamfutoci a ƙarshe. Wannan yana rage buƙatar zuwa 9.2 kVA, wanda har yanzu ya yi wa 3.5 yawa, amma mai 5.5 kVA zai iya ɗauka. Idan injin yana da makunni mai tashi da kansa duk lokacin da tanki ya sauka, wannan dabara ba za ta yi aiki ba, sai ka koma ga babban adadin. Ka sa a gwada kafasito ɗin injin ma, domin idan ya raunana tashin yana ƙara tsawo. Sanya wa kwamfutoci UPS zai kare aikinka, sai dai ba zai rage wa janareto ko moto wahala ba.

Tambaya: Malam, idan haka ne, me zai hana mutum ya sayi wanda ya ninka buƙatarsa sau huɗu ya huta?

Amsa: Abin da zai hana shi ne injin dizal ba ya son zama babu kaya. Idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ka ga baƙin maiƙo yana tsatsafowa daga salansa, gawayi yana taruwa a bakin nozul, ga kuma man da ake ƙonawa a banza. Idan babban moto ɗaya ne yake tilasta maka sayen ƙato, ya fi kyau a rage tashin nasa. A moto mai layi uku, haɗin sita da delta, wato tayar da moto da wani haɗin waya sannan a sauya zuwa na aiki, yana mayar da amfiyar tashi kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin murɗawa ma haka yake raguwa, don haka bai dace da na'urar da take tashi da kaya a kanta ba. Na'urar da take sauya gudun moto, wadda ake rubuta wa VFD, ita ce ta fi sauƙaƙa tashi, domin tana iya riƙe amfiyar kusa da ninki ɗaya da rabi, sai dai tana gurɓata siffar wutar, kuma hakan yana buƙatar a bar wa koyil ɗin janareto ƙarin sarari.

Tambaya: Ranka ya daɗe, idan aka sauya daga wutar gari zuwa janareto, firjina yakan yi gurnani, sai na ji "ƙas", ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya sake. Lalacewa ya yi?

Amsa: Mai yiwuwa bai lalace ba. Kwamfuresan da aka kashe yanzun nan yana da matsin iskar gas a gabansa, idan aka dawo masa da wuta nan take ba zai iya turawa ba, sai ya tsaya yana jan amfiyar LRA har na'urar kariyarsa ta yi zafi ta yanke, kuma ita ce ƙarar da kake ji. Ka cire shi daga soket kafin a sauya layi, ka ba shi minti uku zuwa biyar matsin ya daidaita, ko ka sa masa na'urar kariya mai jinkirta kunnawa. Idan bayan wannan jira yana tashi lafiya a wutar gari amma ya ƙi a janareto, ka karanta LRA ɗinsa, ka ninka da boltej, ka gwada da kVA ɗin janareton kamar yadda muka yi a sama. Idan ko a wutar gari ya ƙi tashi, a duba rile da kafasito ɗinsa.