Rasitin mai walda ba zai hana ka biyan kifin ba

Tambaya: "Malam, ina da injin casar shinkafa a Argungu, ina kuma karatun lauya da yamma. Na kafa tankin dizal na lita 10,000 a bayan injin, na cika shi ina jiran farashi ya hau. Tankin ya tsage, man ya gangara cikin kududdufin kifin maƙwabcina, kifin suka mutu. Ƙwararren mai walda na ɗauko, rasit yana hannuna. Abin haushi, irin wannan ta fito mana a jarrabawa, na rubuta cewa tunda babu sakaci babu diyya, aka kayar da ni. A ina na kauce?"

Amsa: Alhaji, kuskure ɗaya ne ya kayar da kai a aji, shi ne kuma yake shirin cin kuɗinka a gida. Ka fara da tambayar "wa ya yi sakaci?", alhali akwai wadda ke gabanta: wannan ɓarnar, ta irin wadda sai an nuna sakaci ce, ko ta irin wadda dokar ba ta ma son jin labarin ƙoƙarinka?

Yawancin ƙararrakin diyya a kan sakaci suke tafiya. Mai ƙara ya nuna haƙƙin kula da shi yana wuyanka, ka gaza, gazawar ce ta jawo masa asara. A nan rasitinka yana da daraja. Amma akwai 'yan wurare da alhakin ke hawa kanka ko da ka yi iya yinka, kuma tankinka yana cikinsu.

Tushen maganar shi ne shari'ar Rylands da Fletcher, wadda aka kammala a Ingila a 1868. Rylands mai masaƙa ne, ya ɗauko 'yan kwangila suka gina masa tafkin ajiye ruwa. Ashe akwai tsofaffin ramukan haƙar kwal a ƙarƙashin wurin. Da aka cika tafkin, ruwa ya ɓalle ta ramukan ya shafe mahaƙar Fletcher. Ba a sami Rylands da sakaci a ƙashin kansa ba, amma aka ce ya biya. Dalili: wanda ya kawo wani abu filinsa ya tara don amfanin kansa, abin kuma mai ɓarna ne idan ya kufce, to a kan wuyansa yake ajiye shi. Kotunanmu sun karɓi wannan ƙa'ida. A 1975, a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP, Kotun Ƙoli ta ɗora alhaki a kan ɗanyen man da ya kufce daga ramin tara shi, ya shiga kududdufan mutane ya kashe kifi. Ka ga kamar da kai ake.

To ga yadda mai jarrabawa yake binne wannan a cikin layi biyar. Ba zai taɓa ambaton sunan ƙa'idar ba. Zai ce maka mai tanki ya ɗauko injiniya mai lasisi, ya sayi ƙarfe mafi kauri, ana duba tankin kowane wata. Kana karantawa zuciyarka tana sanyi, kana cewa bawan Allah ya yi ƙoƙari. Wannan yabon shi ne tsaba, kai kuma ka bi ta har cikin tarko. Duk sanda ka ga an ɓata layi biyu ana wanke wanda ake ƙara, ka tsaya. Mai tambayar yana rufe maka ƙofar sakaci ne da gangan, don ya ga ko ka san akwai wata ƙofar. Sai ka koma ka nemi abu huɗu a cikin labarin: an kawo abin an tara, yana da haɗari idan ya kufce, amfanin da ake yi da filin ya wuce na yau da kullum, sannan abin ya tsallake iyaka zuwa filin wani.

Wayon da ya fi kayar da masu ƙoƙari shi ne na juyi. An ba ka tanki, an ba ka mai, har da fashewa, ka yi murna ka gano tarko, ka zuba shafi biyu a kan Rylands. Ba ka lura ba cewa wanda ya ji rauni mai sayen shinkafa ne da ke tsaye a cikin harabar injin. Babu abin da ya tsallake katanga, don haka ƙa'idar ba ta aiki. Wannan shi ne darasin shari'ar Read da Lyons ta 1947, inda wata mai duba aiki ta ji rauni da wani makami ya fashe a cikin masana'antar makamai. Aka ce tunda a ciki abin ya faru, sai ta nuna sakaci, ba ta kuwa yi da'awarsa ba, ta tashi a tutar babu. Kalma guda, "a harabar" ko "a gonar maƙwabci", ita ke juya amsar baki ɗaya.

Haka ma girman abin. Bututun ruwan gida ko jarkar man janareta amfani ne na yau da kullum, sai an nuna sakaci. Lita 10,000 da aka tara don kasuwanci a kusa da kududdufin mutane wata magana ce. Idan kuma labarin ya ce wani baƙo ne ya shigo da dare ya kwance famfon tankin da gangan, to an miƙo maka kariya ce, irin ta shari'ar Rickards da Lothian ta 1913. Amma ka duba da kyau: in yaron injinka ne ya kwance, ko mai waldar da ka ɗauko, ba baƙo ba ne.

Yanzu mu bar aji. Na san wani mai sayar da mai da ya yi irin taurin kanka. Maƙwabci ya zo da dattawan unguwa yana neman a raba asara, shi kuwa ya zaro fayil ɗin rasit ya ce a je kotu. Ya biya diyyar, ya biya lauya, man da ya zube bai dawo ba, kuma har yau ba sa gaisawa a masallaci.

Ka yi lissafi da kanka. A ce kifi 3,000 ne a kududdufin, kowanne ya kai kilo ɗaya, kilo a naira 2,500: naira miliyan 7.5 ke nan, kafin kuɗin kwashe gurɓataccen ruwa da laka, da zagayen kiwo guda da zai rasa. Ribar da kake jira fa? Ko da lita ta ƙaru da naira 200, miliyan 2 ce. Ka ɗauki haɗarin miliyan 8 ko fiye don neman miliyan 2, ba inshora, ba shingen tare mai. Ni wannan ɓoye kaya ana jiran tashin farashi bai taɓa burge ni ba. Sana'arka casar shinkafa ce, man sati biyu ya ishe ka.

Ka je wurin maƙwabcinka tun kafin ya ɗauki lauya, ku ƙirga asarar a gaban shaidu, a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu. Rasitin kuma kada ka yar: ba ya kare ka daga mai kifi, amma da shi za ka bi mai waldar in aikinsa ne ya ɓaci, domin tsakaninka da shi maganar kwangila ce da sakaci. Don haka kada a taɓa tankin sai wani masani ya duba tsagin ya ɗauki hoto. In kuma za ka sake kafa wani, a zagaye shi da daɓe da katangar siminti da za ta riƙe duk abin da ke ciki da rarar kashi 10 cikin 100, ka kuma tambayi kamfanin inshora ƙarara ko takardarsu ta haɗa da malalar mai zuwa filin wani, don da yawa suna cire ta.